Jawabin da na yaga kafin in shiga ɗakin taro

Ciniki 120 aka yanka wa sashena a wancan zangon na wata uku, muka ƙare da 84. Ma'aikata takwas ne a ƙarƙashina, kuma kowannensu ya riga ya san kamashonsa zai zo a rame. Ranar Lahadi da dare na zauna na rubuta jawabin da zan yi musu, shafi biyu cur, cike da "mu ƙara ƙaimi" da "na yarda da ku". Da na karanta shi har ni kaina sai da ya burge ni.

Abin da ya hana ni karanta musu shi wata 'yar magana ce. Da safe, kafin taro, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen ta leƙo ofishina karɓar wata takarda, ta hango jawabin a kan tebur. Ta ce, "Yallaɓai, in za ka ce mu ƙara ƙoƙari ne, don Allah ka fara duba yawan ziyarar da muka kai." Ta ɗauki takardarta ta fita. Na ɗage taron zuwa washegari, na buɗe rajistar ciniki.

Aikinmu hawa uku ne. Ma'aikaci ya gana da kwastoma, sannan ya aika masa takardar farashi, sannan ciniki ya faɗa ko ya watse. A zangon baya mun yi ganawa 400, mun aika takardar farashi 300, ciniki 120 ya faɗa, wato 40 cikin ɗari na takardun. A wannan zangon ganawa 410 muka yi, takardu 280, ciniki 84, wato 30 cikin ɗari. Ashe mutanena sun fi yawo a zangon da muka faɗi. Da na tsaya gabansu na ce su ƙara ƙoƙari, da na zage su ne cikin ladabi, kuma da sun gane.

To ina ruwan ya tsiyaye? Na raba takardun 280 gida biyu. Guda 112 babu ragi a cikinsu, sun fita cikin kwana biyu kamar yadda aka saba, kuma 45 daga ciki sun zama ciniki, 40 cikin ɗari ke nan, babu abin da ya canza. Sauran 168 kuwa kwastoma ya nemi ragi, kuma a farkon zangon ni da kaina na kafa dokar cewa duk wani ragi, komai ƙanƙantarsa, sai na sa hannu. Waɗannan sukan kwana shida a tebur ɗina kafin su fita. Guda 39 kacal suka faɗa, kimanin 23 cikin ɗari. Na so in kare kaina da cewa mai neman ragi dama ba ya saurin saye, sai na koma zangon baya, na tarar masu neman ragin ma sun saya kusan daidai da kowa. Kwana shida ya ishi kwastoma ya ji farashin wani kamfani, ko zafin buƙatar ya huce. Ɓarawon yana cikin gida, kuma ni ne.

Washegari ban ɗauki takarda ba. Na rubuta lambobi shida a allo, uku na da, uku na yanzu, na tsaya gefe har sai da kowa ya karanta. Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙarar fanka. Wani matashi da bai cika shekara da mu ba yana ta juya biro a hannu, ya sunkuyar da kai, da alama ya zo da shirin jin sunansa. Abin da na faɗa bai wuce minti bakwai ba, kuma ga gundarinsa:

"An yanka mana 120, mun kawo 84. Ba zan ce ba komai ba, domin aljihun kowa a nan zai ji a jikinsa. Amma ku dubi layin farko. Kun fi fita a wannan zangon, don haka ba zan ce wa kowa ya ƙara gudu ba. Inda muka zube shi ne tsakanin takardar farashi da sa hannun kwastoma, kuma dokar da na kafa ce ta jawo. Daga yau ragin da bai wuce 5 cikin ɗari ba, kowa ya yanke da kansa. Wanda ya haura haka, in ban amsa cikin awa 24 ba, ku ɗauka na amince. Abu ɗaya nake nema a wurinku: kowace takardar farashi ta fita cikin kwana biyu da ganawa. Duk Juma'a za mu duba wannan lambar, ita kaɗai."

Neman abu ɗaya tak da gangan na yi shi. Tun wajen 1968 masanin halayyar ɗan Adam Edwin Locke ya nuna cewa manufa takamaimai mai ɗan wuya ta fi "yi iya ƙoƙarinka" fitar da aiki, kuma shi da Gary Latham sun shafe shekaru suna tabbatar da hakan. Amma ba a iya ce wa ma'aikaci "kawo ciniki 15" a matsayin abin yi ranar Litinin, domin sa hannu na kwastoma ne. Fitar da takarda cikin kwana biyu kuwa a hannunsa yake, kuma ana iya ƙirga shi kafin mako ya ƙare.

Akwai abin da na ɓoye a taron. Mutum biyu cikin takwas ɗin da gaske sun yi sanyi, ganawarsu ta ragu sosai, ƙoƙarin sauran ne ya rufe musu asiri a jimilla. Ban ambace su ba. Na gan su ɗaya bayan ɗaya a ofis, kowa da lambobinsa. A ganina manajan da ke kiran suna a bainar jama'a yana koya wa sauran shida ɓoye matsala ne kawai, gobe sai su cika rajista da ganawar da ba a yi ba.

Na kuma gargaɗe su, da shugabana ma, cewa kada a sa ran ganin canji a watan farko. Daga ganawa zuwa sa hannu mukan ɗauki kusan mako shida, saboda haka cinikin da zai faɗa a makonnin farko ragowar tsohuwar dokar ce. Haka kuwa aka yi, watan farko ya zo da muni, kuma da ban faɗa tun da wuri ba, da an ce jawabin ya tashi a banza. Abin da ya motsa nan take shi ne kwanakin takarda, daga shida suka dawo biyu a mako na uku.

Zangon ya ƙare da takardu 290 da ciniki 104. Ba mu kai 120 ba. Sabuwar dokar ma ta zo da nata ciwon, domin wasu sun mai da 5 cikin ɗari kamar gaisuwa, suna bayarwa tun kafin kwastoma ya tambaya, ribar kowane ciniki ta ɗan ragu. Wannan ne lambar da na rubuta a allo a taron zango na gaba, kuma wadda ta leƙo ofishina ran nan ce ta fara ɗaga hannu, ta ce a bar ta ta nuna wa sabbin yadda ake riƙe farashi har sai kwastoma ya buɗe baki da kansa.