Kafin Ka Hau Kufena, Gwada Saukowa

Ranar Asabar a gindin Dutsen Kufena, can bayan Wusasa, na ga wani yaro sanye da silifas, abokansa na yi masa tsiya wai matsoraci ne. Yana ta goge tafin hannu a wando. Na san wannan gumin.

Ina ɗalibi a Zariya na yi wautar nan. Tun ina ƙarami ko tsani na hau sai jiri ya ɗebe ni, amma kunya ta hana ni faɗa. Tsakiyar damina ce, an yi ruwa da safe, mu kuma sai bayan la'asar muka fara hawa. Hawan bai ba ni wuya ba, saboda mai hawa dutsen da ke gaban hancinsa kawai yake gani. Da muka juyo, ƙasa ta buɗe a gabana, gwiwoyina suka hau rawa. Na taka wani baƙin layi inda ruwa ke gangarowa, ashe gansakuka ce, santsi kamar miyar kuɓewa. Na zame, fatar cinyata da tafin hannuna suka saɓule, wata tsaga ce ta tare ni. Nan na maƙale har aka kira magariba, sai wani manomi ya hau ya riƙa ɗora min ƙafa taki ɗaya ɗaya.

Laifina ne, na sani. Amma wa ya gaya mana? Kuma wallahi ganin gonaki da Zariya shimfiɗe daga sama, har yau ban ce ban ji daɗinsa ba.

Na so in zaunar da yaron in yi masa dogon bayani, amma ku 'yan yanzu ina kuke tsayawa? Ido na kan waya, ana ja da baya a bakin gangare don hoto ya yi kyau!

To ga abin da ya rage. Ka hau taku goma, ka juyo ka sauko. In saukowar ta gagare ka a nan, sama ta fi muni, ka koma. Kada ka taka baƙin wuri ko ya yi kama da busasshe. Ka sa takalmi mai igiya da ƙasan roba, ka hau da sassafe, da rani. In ƙafa ta fara rawa, zauna, ka kalli dutsen da ke kusa da hannunka, ka sauko da gindi. Tsaga ko kogo kuwa kada ka zura hannu, zuma da macizai suna ciki.

In kana jin tsoro, kada ka hau sam. Ko dai ka hau rabi, can ma ana ganin gari. Yaron dai ya bi su, da silifas ɗinsa, ni kuma na kasa tafiya sai da na ga ya sauko.