Alƙaluma sun daidaita, amma littafi bai tsira ba

A ƙarshen wata, duk mai riƙe littafin ciniki bisa tsarin shigarwa biyu, wato rubuta kowace hada-hada a asusu biyu, yakan fitar da ragowar kowane asusu daga leja, babban littafin da ke ɗauke da su, ya jera su gida biyu: debit a hagu, kiredit a dama, sannan ya haɗa jimilla. Wannan shi ne abin da akantoci ke kira tirayal balans. Mu masu ƙananan kamfanoni a Katsina muna yawan ba shi matsayin da ya fi ƙarfinsa. Da zarar jimilla biyu sun zo ɗaya, sai a rufe littafi a ce lissafi ya yi.

A ɗauki shagon sarin shinkafa da sukari a Babbar Kasuwar Katsina. A gefen debit akwai kuɗi a banki naira 900,000, bashin da ake bin kwastomomi 700,000, sayen kaya 5,000,000, da kashe-kashen shago 1,000,000. Jimilla 7,600,000. A gefen kiredit akwai jari 2,000,000, ciniki 5,200,000, da bashin da diloli ke bin shago 400,000. Nan ma 7,600,000. Abin da wannan ya nuna kaɗan ne: jimillar abin da aka rubuta a hagu ta zo ɗaya da ta dama. Bai ce an rubuta komai ba, bai kuma ce an rubuta a inda ya dace ba.

Dubi miliyan ɗayan nan ta kashe-kashe. A ciki akwai janareta na naira 600,000 da aka saya a watan, mai rubutu ya zuba shi tare da kuɗin mai da gyara. Janareta kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki, asusunta daban, kuma kaɗan-kaɗan ake rage darajarta kowace shekara. To amma asusun kadara da na kashe-kashe duk a debit suke zama, don haka jimilla ba ta motsa ba. Ribar watan ce ta faɗi da kusan 600,000. Idan akwai mai jari da ake raba riba da shi, an tauye masa haƙƙi ba tare da kowa ya yi niyya ba. Yadda ake gane irin wannan shi ne a ajiye tirayal balans na watan jiya kusa da na yau. Shagon da ya saba kashe 400,000 a wata, ya wayi gari da miliyan ɗaya, dole a buɗe asusun a bi shi layi-layi.

Kuskuren da ya fi ɓata zumunci shi ne na bashi. Kwastoma daga Jibiya ya turo 80,000, aka sa a asusun wani na Mashi. Jimillar bashi tana nan 700,000, sai dai za a je a nemi kuɗi wurin wanda ya riga ya biya, a bar wanda bai biya ba. Idan kuma aka juya shigarwar gaba ɗaya, wato aka yi wa kwastoman debit, aka yi wa banki kiredit, bashinsa zai nuna ƙarin 160,000 a kan gaskiya, banki ya nuna ragin 160,000, gefe biyu kuma suna nan daidai. Haka buhunan da aka ba da bashi ranar kasuwa aka manta ba a rubuta ba: abin da bai shiga leja ba, tirayal balans ba ya ganinsa. Haka ma rasit na 54,000 da aka kwafa 45,000 a gefe biyun.

Ni a ganina, ranar da tirayal balans ya ƙi daidaita ce ya fi amfani, domin bambancin kan nuna hanya. Idan ya rabu da 9 ba saura, a fara zargin juya lamba: 54,000 da aka sa 45,000 a gefe ɗaya kawai zai bar giɓin 9,000. Idan ba haka ba, a raba bambancin biyu a nemi adadin a leja. Giɓin 50,000 sau da yawa 25,000 ce da ta faɗa gefen da ba nata ba. Ana iya ajiye giɓin a asusun wucin gadi kafin a gano shi, amma kada a shiga sabuwar shekara da shi.

Sauran kurakuran sai an fita daga littafi ake kama su. A karɓo sitatimen na banki a gwada shi da littafin kuɗi, shigarwa bayan shigarwa. A shiga sito a ƙirga buhuna da hannu, a ga ko abin da ke sito tun farko haɗe da abin da aka saya, a cire abin da aka sayar, ya yi daidai da abin da ke ƙasa. A aika wa kowane babban kwastoma da kowane dila adadin da littafi ya nuna, a ce ya tabbatar ko ya musa. Mutumin Jibiya ba zai yi shiru ba idan ya ga 80,000 ɗin da ya biya tana nan a kansa.