Sakin layi na biyu ya miƙa wuya

Alhamdu lillahi, jiya da daddare bayanin mai zane na 'yar yayata, wato takardar da take bayyana aikinta a ciki, ya kammala, shafi ɗaya cif, kalma 270. Baje kolinta na farko ita kaɗai ne, zane goma sha huɗu, a wani ƙaramin gidan baje koli cikin Balad, tsohon garin Jidda. 'Yan uwa masu koyon irin wannan rubutu, ba zan ɓata muku lokaci da cewa a rubuta da "ni" ko a raba bayanin da tarihin rayuwa ba, kun san wannan. Sakin layi na farko, wato me take zanawa kuma da me, ya fito tun zaman farko: shimfiɗun matan da ke kasa kaya a Bab Makka, ana kallonsu daga sama, da tire da ƙullin gyaɗa da kwalaben turare, amma babu mai kayan a ciki. Fentin akirilik a kan kanbas da aka fara jiƙawa da ruwan zoɓo. Na uku ma bai yi gardama ba.

Na biyun ne ya sha mini kai, wanda zai amsa "don me".

Duk lokacin da na tambaye ta sai ta ce, "Kawu, aikina yana binciken asali ne da hijira da tunawa." Ba laifinta ba ne. Tun da aka buɗe cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a Jidda a 2021 yaran nan ke zagayen wuraren baje koli suna karanta abin da aka liƙa a bango, har kunnensu ya saba da wannan yare. To amma ni ma'aunina ɗaya ne ga kowace jimla: wani mai zane zai iya sa hannu a ƙarƙashinta ba tare da ya yi ƙarya ba? In zai iya, ba tata ba ce. Wannan jimlar kuwa rabin masu zanen Jidda za su sa mata hannu, daga ɗan Yaman har ɗan Bukhara.

Sai mai gidan baje kolin ya ƙara dagula lissafi. Ya ji cewa kakanta ya zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Kano, ya ratsa Sudan, ya haye teku daga Sawakin, sai ya dage a buɗe bayanin da wannan. Na gane dalilinsa, labarin yana sayar da zane. Ni dai raina ya ɓaci. Yarinyar nan a Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Kano ba, kuma babu raƙumi ko teku a zane ko ɗaya. Wanda ya karanta tafiyar kaka zai shiga ɗakin yana neman ayari, ya tarar da tiren goro, ya fita yana ganin an yaudare shi. Da ƙyar muka daidaita: kakan ya samu layi ɗaya a tarihin rayuwa, can ne gurbinsa.

Abin da ya warware matsalar shi ne daina tambayar "don me" gaba ɗaya. Na jingina zanukan a bangon falo, na kunna rikoda a waya, na koma tambayar abubuwan da hannu ya yi. Wane abu kika fara zanawa a nan? Me kika goge? Me ya sa wannan kusurwar ta fi sauran duhu? Kan zane na tara, mai shimfiɗar leda shuɗiya, na lura jan da ke ƙasa ya koma toka-toka, ba kamar na sababbin ba. Na ce, "Ɗiyata, wannan ya lalace ne?"

Ta yi dariya ta ce, "A'a Kawu, haka zoɓo yake, ba ya riƙe launi in haske na dukansa. Da gangan na sa shi. Matan nan in sun hango 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, kafin ka ƙifta ido sun naɗe shimfiɗa sun ɓace, sai dai ka ga wurin da suka zauna ya fi sauran ƙasa tsabta. Shi nake zanawa."

Na tsayar da rikodar. Ashe maganar tana bakinta tuntuni, ta ɗauka ba ta kai a rubuta ba saboda babu manyan kalmomi a ciki.

Ga yadda sakin layin ya tsaya bayan gyara:

"Ina fara kowane zane da jiƙa kanbas da ruwan zoɓo, na kuma san jan ba zai daɗe ba. Haske zai mayar da shi toka-toka, fentin da ke samansa kuma ya zauna yadda yake. Matan da nake zana kayansu sukan naɗe shimfiɗa su tashi cikin ƙiftawar ido, sai alamar wurin ta rage a ƙasa. Ba na zana fuskokinsu, domin ba su ba ni izini ba, ni ma ban nema ba."

Ku duba, babu "asali" babu "hijira", amma duk wanda ya tashi a unguwar Karantina ko Hindawiyya a Jidda ya san su waye matan. Jimlar ƙarshe mun yi ja-in-ja a kanta, ita tana ganin ta yi tsauri. Na roƙe ta ta bar ta, don ita ce ke amsa tambayar da kowane baƙo zai yi a ransa: ina mutanen? Na cire 'yan baladiyya daga rubutun kuma, da yardarta. Bangon baje koli ba wurin jawo wa matan ido ba ne.

Akwai wani amfani da ban hango ba sai daga baya. Wanda zai sayi zanen yana da haƙƙin sanin cewa launin zai canja a bangonsa. Da an ɓoye, bayan shekara ya dawo yana cewa an sayar masa da kaya mai aibi. Yanzu bayanin ya faɗa masa tun kafin ya ciro kuɗi, mun kuma sa "ruwan zoɓo da akirilik a kan kanbas" a ƙaramin katin da ke gefen kowane zane.

Gwajin ƙarshe, na ba maƙwabcinmu tela takardar, mutumin da bai taɓa ganin zanukan ba, na ce ya faɗa mini abin da yake tsammanin gani. Ya ce, "Kaya a ƙasa, ja-ja, babu mutane." Da na ba shi tsohon rubutun kuwa cewa ya yi wataƙila taswira ce. Wallahi na ji daɗi har na kasa ɓoyewa.

Inda ya yi zafi shi ne aljihu. Gidan na son Larabci da Turanci. Larabcin ita ta rubuta da kanta, don ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma mai fassarar Turanci ya karɓi riyal 400, ya kuma dawo mana da manyan kalmomin da muka sha wuya muka kora, wai don ya yi kama da na ƙwararru. Sai da muka zauna da shi layi-layi. Mai yanka haruffan bango shi ma da girman wuri yake caji, saboda haka sakin layi na biyu kawai zai hau bango, cikakken shafin kuma a buga a takarda a ajiye bakin ƙofa. Hausar ma za ta shiga bayan takardar, don iyayen da za su zo.

Saura taken baje kolin. Ita tana son "Shimfiɗa", mai gidan yana son wani abu mai "tafiya" a ciki, kuma ranar Lahadi mai buga takarda ke jira.