Amsar da na ba shugabana a gaban kowa

Yanzu da na miƙa takardar ajiye aiki, masu tambayata abin da na koya a ofishin nan suna sa ran zan yi maganar tsara rahoto ko lissafin kasafi. Waɗannan ko a ina ana koyonsu. Abin da ban shigo da shi ba, kuma zan fita da shi, shi ne yadda ake amsa saƙon imel da aka ci mutuncinka a ciki aka kuma sa duk abokan aikinka a kwafi.

Aikina shi ne haɗa rahoton wata uku da muke aika wa masu ba da tallafi. Wa'adin rahoton da ya jawo maganar ranar Juma'a ne, 15 ga wata. Tun ranar Talata 12 na rubuta wa shugaban sashenmu cewa alƙaluman sashen kuɗi ba su iso ba, na nemi a ɗaga zuwa Laraba 20, ya amsa da layi ɗaya cewa ba damuwa. Alƙaluman sai yammacin Juma'ar suka iso. Ranar Litinin 18 da safe sai ga saƙonsa, an sa kowa a CC, har da mataimakiyar darakta. Ya ce rahoto ya wuce wa'adi ba tare da wani bayani ba, wannan sakaci ne da ya zama ɗabi'a, kuma ba zai ci gaba da rufa wa kowa asiri ba. Sunana kaɗai ya ambata.

Shawarar da na fi samu a ranar ita ce in yi shiru, in bi shi ofis in ba shi haƙuri, magana ta wuce. Ban bi ba, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Da a baki ya faɗa, a cikin taro, da sai in bari, domin kafin mako ya zagayo an manta. Imel kuwa yana nan a akwatin mutum goma sha. Ranar da za a zauna auna ƙwazon ma'aikata, ko a tankaɗe waɗanda za a sabunta wa kwantiragi, wani zai rubuta sunana a wurin bincike, saƙon ya fito, ba amsa a ƙarƙashinsa. Wanda bai san abin da ya faru ba zai ɗauka na yarda da abin da aka faɗa.

Wannan ne ya nuna mini wanda nake rubuta wa. Shugabana ya san gaskiyar, ko kuma zai tuna da zarar ya ga kwanan watan. Sauran mutanen ne ba su sani ba, kuma su ba ruwansu da yadda raina ya ɓaci. Abu biyu suke son ji: me ya faru, kuma yaushe rahoton zai fita. Duk jimlar da ba ta amsa ɗaya daga cikin biyun nan ba, ba ta da wuri a saƙon.

Na buɗe sabon shafi dabam na rubuta daftarin farko, ba a cikin akwatin amsa ba, saboda hannun da ke rawa yana iya danna Send bai shirya ba. Kada ka dogara da cewa za ka janye saƙo. A Gmail, damar Undo Send ba ta wuce daƙiƙa 30 ko ka kai ta ƙarshen saitinta. A Outlook kuwa, Recall ba ya aiki a kan wanda ke wajen ma'aikatarku, kuma ko a ciki, wanda ya riga ya karanta ya karanta. Magana zarar bunu ce, ta imel ma ta fi, domin ita har da kwanan wata da lokaci.

Daftarin farkon ya kusa cika shafi. Na lissafa duk daren da na kwana a kan rahotannin baya, na tambaye shi yaushe ya taɓa rufa mini asiri, na ce abin takaici ne shugaba ya manta da abin da ya rubuta da hannunsa. Duk gaskiya ne. Na bar shi na fita na yi wani aiki, bayan azahar na dawo na soma yanka. Ga abin da ya rage, wanda na aika ta Reply All:

"Barka da yamma, Yallabai. Na ga saƙonka kan rahoton wata uku. Ranar Talata 12 ga wata na nemi a ɗaga wa'adin zuwa Laraba 20 saboda alƙaluman kuɗi ba su kammala ba, aka kuma amince a ranar. Na maƙala saƙon a ƙasa. Alƙaluman sun iso yammacin Juma'a 15. Rahoton yana kan hanya, zan turo maka shi gobe Talata kafin ƙarfe 12 domin ka duba kafin a aika ranar Laraba. Idan akwai wani sauyi a wa'adin da bai iso gare ni ba, ina roƙon a sanar da ni in daidaita. Sauran batutuwan da ka ambata, zan so mu zauna a kansu duk lokacin da ka samu sarari. Na gode."

Abin da na cire ya fi abin da na bari wuya, don haka bari in tsaya a kansa. Na farko, ban ba da haƙuri ba. Bakinmu ya saba da buɗe magana da babba da "a yi haƙuri", ko da kai aka taka, kuma a baki ladabi ne. A rubuce kuwa, wanda zai karanta bayan wata shida zai gan shi a matsayin amsa laifi. Gaisuwa da "Yallabai" da godiya sun isa su ɗauki nauyin ladabin. Da a ce akwai ɓangaren da laifina ne, misali ban tuna wa sashen kuɗi ba, da sai in faɗi wannan ɓangaren kaɗai a jimla ɗaya, ban wuce shi ba.

Na biyu, na cire duk wata jimla mai kama da ladabi alhali habaici ce. "Kamar yadda ka sani", "kamar yadda na sha faɗa", "da ka duba saƙonninka da ka gani". Mai rubutawa yana jin ya iya magana, masu karantawa kuwa suna jin ƙarar marin, daga nan hankalinsu ya bar kwanan wata ya koma kallon faɗa. Shi ya sa ma na rubuta "aka amince" maimakon "kai da kanka ka amince". Saƙon da na maƙala yana ɗauke da sunansa, ba sai na nuna shi da yatsa ba. Hanyar da nake gane irin waɗannan jimlolin ita ce in tambayi kaina wacce ce ta fi yi mini daɗi da na rubuta ta. Galibi ita ce ya kamata ta fita.

Na uku, ban kare halina ba. Ya kira ni mai sakaci, amma ban rubuta "ni ba mai sakaci ba ne" ba, domin maimaita zargin sake liƙa wa kanka shi ne, kuma ba a tabbatar da hali da jimla. Kwanan wata ana iya dubawa. Haka kuma ban jefa sashen kuɗi a wuta ba. Na ce alƙaluma sun iso Juma'a, ban ce wane ne ya riƙe su ba. Wanda ya kare kansa ta hanyar tura laifin ga na kusa da shi ya yi wa wani abin da aka yi masa ne, kuma gobe da su zan nemi alƙaluman wata uku masu zuwa.

Jimlar nan ta "idan akwai wani sauyi da bai iso gare ni ba" da gangan na sa ta. Ƙofa ce na bar masa. Mai yiwuwa ne daga sama aka matsa masa, ya manta ya ɗaga wa'adi, ya sauke a kaina. Idan ka toshe wa babba kowace hanya a gaban na ƙasa da shi, ba zai ce ya yi kuskure ba, zai nemo wani laifin ne, kuma wanda ke duba aikinka kullum ba ya rasa abin kamawa. Wasu za su ce wannan lallashin wanda bai cancanta ba ne. Ban musa ba. Amma a lokacin ni ne zan ci gaba da zama a ƙarƙashinsa, ba su ba.

Jerin masu karɓa kuwa ban taɓa shi ba. Ban ƙara darakta ba, ban ƙara sashen kula da ma'aikata ba, domin ƙara suna ɗaya a CC yana mayar da gyaran bayani ya zama ƙara. Ban rage kowa ba kuma, tunda duk wanda ya ga zargin ya kamata ya ga amsar. BCC kuwa tarko ne: idan wanda ka ɓoye ya danna Reply All, kowa zai san ka sa shi a ɓoye.

Amsarsa ta zo da yamma, gare ni ni kaɗai: ya gani, in turo rahoton. Bai janye komai a gaban mutanen da ya tara ba, bai kuma ba da haƙuri ba, ko a lokacin ko daga baya. Da muka zauna, na faɗa masa cewa idan yana da ƙorafi a kan aikina ina son in ji daga bakinsa kafin kowa ya ji. Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi. Na bar maganar a nan, na koma na rubuta masa layi uku na abin da muka tattauna, na ajiye kwafi. Ban sake cewa komai a saƙon gama-garin ba, kuma ko da ya sake amsawa a can da ban bi shi ba. Gyara ɗaya a bainar jama'a ya isa; daga na biyu ba a ƙara tuna wanda ya fara.

Wannan hanyar tana da iyaka. Ta abin da ya faru sau ɗaya ce. Idan tozarcin ya zama na kowane mako, ko ya shiga zagi ko barazana, tattausar amsa ba za ta gyara shi ba, sai tara saƙonnin da kwanakinsu a bi hanyar ƙorafi da ma'aikata ta tanada. Ba ta kuma sa wanda ya zalunce ka ya so ka. Dangantakarmu ba ta koma yadda take ba, kuma ba zan ce hakan ba ya cikin dalilan tafiyata ba.

Sauran darussan gajeru ne. Duk izinin da aka ba ka a baki ko a waya, bi shi da saƙo a rubuce a ranar. Idan an ɗaga wa'adi, sanar da duk wanda abin ya shafa, kada ya tsaya tsakaninka da mutum ɗaya. Wanda zai gaje ni kuwa na bar masa fayil ɗin wa'adodin rahotanni, kowanne da saƙon amincewarsa a maƙale, na kuma ce masa kada ya goge ko ɗaya.