Ribar da ke takarda da kuɗin da ke asusu

Takardun neman rance na farko da na haɗa da hannuna an dawo mana da su, kuma laifina ne. A lokacin ban daɗe da fara aikin akanta ba. Wani mai sana'ar kafinta, da ke yi wa makarantu da ofisoshi tebura da kujeru, ya zo yana son rancen miliyan 3 daga banki don ya sayi injin yankan katako, ya biya cikin wata 36. Na karɓi littattafansa, na kwana biyu a kansu, na fitar da takardar riba da asara, da takardar kadarori da basussuka, na ɗora wasiƙa a sama.

Lissafin ya yi kyau a ido. Cinikin shekara miliyan 12. Katako da sauran kayan aiki sun ci miliyan 7, albashi da haya da wuta miliyan 3 da dubu 200, raguwar darajar injina dubu 300. Riba ta tsaya a miliyan 1 da dubu 500. Da yake raguwar daraja ba kuɗi ba ne da ke fita daga aljihu, sai na mayar da ita kan riba, aka sami miliyan 1 da dubu 800. Biyan rancen da ruwansa zai kama wajen dubu 108 a wata, wato kusan miliyan 1 da dubu 300 a shekara. Na raba wancan da wannan, ya ba ni 1.38. Bankuna da yawa suna son wannan adadi ya kai 1.25 ko ya wuce, ma'ana abin da sana'a ke samu ya ɗara abin da za ta biya da kashi ɗaya cikin huɗu. Hankalina ya kwanta.

Jami'ar da ke duba rance ba ta daɗe a kan takarduna ba. Ta jawo bayanin asusun banki na wata 12, ta bi layin kuɗin da suka shiga da bakin biro, ta tara su. Sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ka rubuta ciniki miliyan 12, amma abin da ya shigo asusu miliyan 9 ne da dubu 400. Ina sauran?" Ban da amsa. Ban ma taɓa ajiye takardun biyu gefe da gefe ba.

Sati guda muka yi da mai sana'ar muna neman miliyan 2 da dubu 600 ɗin nan, kuma ba sata aka yi ba, ba ƙarya aka rubuta ba. Miliyan 1 da dubu 400 ciniki ne na hannu da hannu, wanda ake karɓa da safe a biya mai katako da shi da yamma, bai taɓa ganin banki ba. Dubu 500 shi ya ɗiba daga akwatin shago don hidimar gidansa, kaɗan-kaɗan, ba tare da an rubuta ba. Dubu 700 da suka rage kuwa bashi ne da ya ƙaru a hannun masu sayen kaya: an kai tebura, an rubuta ciniki, kuɗi bai zo ba.

A nan ne na gane abin da na karanta a aji amma bai shige ni ba. Takardar riba da asara tana ƙirga ciniki ranar da aka miƙa kaya, ko an biya ko ba a biya ba. Banki kuwa ba ya karɓar kuɗin wata daga ribar da ke rubuce, daga abin da ke cikin asusu yake cira ranar da wa'adi ya cika. Kuɗin hannun da aka sayi katako da su ba su rage komai ba, tunda an riga an sa su cikin kashe-kashe, illarsu kawai ita ce babu shaidar da za a nuna. Amma sauran biyun dole a cire su. Miliyan 1 da dubu 800, a ɗebe dubu 700 na bashi, a ɗebe dubu 500 na gida, saura dubu 600. Da wannan ake so a biya miliyan 1 da dubu 300. Da an ba shi rancen nan a ranar, da tun kafin shekara ta raba ya fara kasa biya, kuma injinan da ya sa jingina ne za su tafi. Har yanzu idan na tuna haka jikina yakan yi sanyi, domin ni na sa hannu a kan lissafin.

Muka ɗauki wata shida muna gyara. Duk abin da aka sayar, komai ƙanƙantarsa, ya bi ta asusun sana'a, mai katako ma ta nan ake biyansa. Mai sana'ar ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kowane wata, a rubuce. Na jera masu bashi gwargwadon daɗewarsa: na ƙasa da kwana 30, na 60, na 90, da wanda ya haura haka. Wannan jerin ya tona abin da jimla ta ɓoye, domin fiye da rabin bashin yana wuyan mutum biyu ne kawai. Aka bi su, aka karɓo dubu 500, kuma daga nan aka daina fara babban aiki sai an ba da rabin kuɗi.

Sai muka sake lissafi daga ƙasa. Idan bashi ya daina ƙaruwa, abin da ke saura bayan hidimar gida miliyan 1 ne da dubu 300. A raba shi da 1.25, iyakar abin da sana'ar za ta iya biya a shekara bai wuce miliyan 1 da ɗan kai ba. Saboda haka ya haƙura da babban injin, ya zaɓi na miliyan 2 da rabi, ya zuba dubu 500 da aka karɓo, muka nemi miliyan 2. Biyan wata ya sauko zuwa wajen dubu 72, adadin ya koma kusan 1.5. Na ƙara da hasashen shige da ficen kuɗi wata-wata, domin aikin makarantu yana da lokacinsa, kuma akwai watannin da shagon ke yin shiru. Na nuna su yadda suke, da rarar da za ta riƙe biya a cikinsu.

Wasiƙar ma na sake ta. Ta farkon shafi biyu ce, cike da yabon sana'ar da ƙwazon mai ita, kuma sai a sakin layi na huɗu mai karatu zai san nawa ake nema. Ta biyun shafi ɗaya ce. Jimlar farko ta faɗi adadin, da abin da za a saya, da tsawon wa'adi. Ta biyu ta faɗi inda kuɗin biya zai fito, da lambar shafin da za a tarar da lissafin. Sai jingina, sai abin da shi ya zuba daga aljihunsa, sai takardar farashin injin daga mai sayarwa. Kowane adadi da ke cikinta na duba shi da na cikin takardun, lamba da lamba, kuma ban yarda da "kusan" ba a inda ake da ainihin adadi.

Sakin layi ɗaya ne muka yi gardama a kansa. Mai sana'ar bai so a ambaci giɓin bara ba, yana ganin tonon asiri ne. Na ce masa jami'ar ta riga ta gani, kuma wanda zai sa hannun amincewa a sama ba zai zauna da mu ba, takarda kawai zai karanta. Muka rubuta shi a layi huɗu: ga bambancin, ga kashi ukun da ya rabu, ga abin da aka canza, ga bayanin asusu na wata shida da ke nuna ciniki da shigar kuɗi sun daidaita.

Da muka koma, jami'ar ta sake jawo bayanin asusun ta bi shi da biro kamar wancan karon. Ta tara, ta duba takardata, ta tambayi ranar da mai injin zai iya kawo kaya.