Abin da agogon jarabawa ya rufe

Jiya bayan la'asar ƙanwata ta turo min hoto daga Mabera, nan Sakkwato, na wata tambaya da ta ɗauka a jarabawar gwaji ta intanet. Ta ce, "Yaya, duba min wannan."

Zaɓi huɗu ne: 2, 7, 9, 11. Akwai ɗigo shuɗi a kan 2, saura kaɗan in ce mata shi ne. Alhali ɗigon nan ba amsa ba ce, abin da yatsanta ya taɓa ne kawai kafin ta danna Submit.

Sai na lura akwatin agogon, mai nuna 00:14, ya zauna a kan layin tambayar. Ana ganin "Which of these is", sai agogo, sai "a prime number". Wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. To ai 2 da 7 da 11 duk haka suke, kuma amsa ba za ta zama uku ba. Ashe NOT agogon ya rufe. Amsar 9 ce, tunda 3 sau 3 ke nan.

Na ce ta ɗan ja shafin ta sake ɗauka. Kalmar kuwa tana nan.