Sunan lauya a kan takarda ba shi ne ma'aunin sirri ba

Ƙannena da kuka fara aikin lauya, aikin da aka fi ɗora wa sabon shiga idan shari'a ta kai matakin musayar takardu shi ne ya zauna ya tace tarin wasiƙun wanda muke wakilta, ya ware waɗanda doka ta ba su kariyar sirrin da ke tsakanin lauya da mai neman shawararsa, kafin a miƙa sauran ga ɗaya ɓangaren. Na yi wannan aiki a farkon shigowata da wata dabara mai sauƙi: duk takardar da na ga sunan lauya a kanta sai in riƙe, wadda babu sai in saki. Dabarar ta cuce ni ta fuska biyu, domin na riƙe abin da ba ni da ikon riƙewa, kuma na saki abin da ya wajaba in kare.

Abin da doka take karewa shi ne saƙon da aka yi shi a asirce tsakanin lauya da wanda yake wakilta, da nufin neman shawarar shari'a ko bayar da ita. Akwai kuma kariya ta biyu, wadda ta shafi abin da aka shirya saboda shari'ar da ake yi ko wadda ake ganin tana tafe. A Ingila, hukuncin da aka yanke a shekarar 1979 a shari'ar Waugh da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ya kafa cewa sai shirin shari'a ya zama shi ne babbar manufar takardar. A wannan shari'a, rahoton haɗarin da aka rubuta don gyara harkar tsaro da kuma taimakon lauyoyi, manufofin biyu daidai wa daida, bai sami kariya ba. Ƙa'idojin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ku fara sanin dokar kotun da kuke gabanta. Lauyan da yake ma'aikacin kamfani ne, alal misali, kotun ƙolin Amurka ta kare maganarsa da ma'aikata a shari'ar Upjohn ta 1981, amma kotun Tarayyar Turai ta ƙi ba shi wannan kariya a binciken gasar kasuwanci, a shari'ar Akzo Nobel ta 2010.

Shari'ar da ta koya mini darasi rikicin kwangila ce. Kamfanin da muke wakilta ya sayi injuna, suka lalace, ya dakatar da biyan kuɗi, mai sayarwa ya kai ƙara. A cikin takardun akwai jerin imel guda, saƙo bisa saƙo. A can ƙasa manajan sayayya ya rubuta wa lauyar kamfanin yana tambaya ko suna da hurumin soke kwangilar, ya maƙala rahoton da injiniyansu ya rubuta watanni kafin rikicin. Lauyar ta amsa cewa hujjarsu tana da rauni, domin ba su aika sanarwar lalacewar cikin wa'adin da kwangila ta gindaya ba. Daga nan manajan ya tura jerin ga shugaban sashen kuɗi, su biyun suka ci gaba da magana a kan inda za su samo wasu injunan da farashinsu, suna sa lauyar a layin Cc kawai.

Na riƙe jerin gaba ɗaya, kuma kuskure ne. Tambayar manajan da amsar lauyar suna da kariya, babu shakka, kuma turawa ga shugaban sashen kuɗi bai karya ta ba, tun da aikinsa ya shafi hukuncin da za a yanke. Amma hirar farashi harkar kasuwanci ce zalla, kuma sanya lauya a Cc ba ya mayar da ita neman shawara. Rahoton injiniyan ma haka: ya wanzu tun kafin a yi tunanin shari'a, an rubuta shi don aikin yau da kullum, kuma aika shi ga lauya ba ya wanke shi ya zama sirri. Abin da ya dace shi ne a ɗauki kowane saƙo da kowace takardar da aka maƙala a matsayin abu mai zaman kansa, a tambayi wa ya rubuta, ga wa, don me, sannan a rufe saƙonni biyun nan a miƙa saura. Da lauyoyin ɗaya ɓangaren suka ga rahoton injiniya a jerin sunayen takardun da muka ce mun riƙe, sai suka fara shakkar duk abin da ke cikinsa, kuma suna da gaskiya.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, kuma har yau ina jin nauyinsa. Akwai wata gajeriyar wasiƙa daga shugaban sashen kuɗi zuwa babban manaja, babu lauya a sama ko ƙasa, inda ya ce sashen shari'a na ganin maganar wa'adin sanarwa za ta kayar da su. Wannan shawarar lauya ce da aka isar da baki na biyu ga wanda yake buƙatarta, kuma a yawancin kotuna wannan jimlar tana da kariya. Binciken da na yi da sunayen lauyoyi bai kamo ta ba, ni kuma ban karanta ta da natsuwa ba, sai ta wuce. Tun daga lokacin nake neman cikakken jerin lauyoyin ciki da na waje, da magatakardansu, da adireshinsu na da da na yanzu, kafin in buɗe takarda ko ɗaya. Sannan ina bincike da irin kalmomin da mutane ke amfani da su wajen isar da shawara, kamar "lauya ta ce" ko "ra'ayin sashen shari'a". Binciken kwamfuta yana nuna inda za a duba ne kawai, hukuncin kuwa na mai karatu ne.

Ku kula da kwafi. Saƙo ɗaya yakan fito daga akwatin mutane da yawa, kuma yakan zauna a ƙasan wani jerin mai sabon take. Idan kun rufe shi a nan kuka bar shi a can, aikin ya tashi a banza. Ku kuma duba ko an taɓa tura shi ga wani na waje, kamar dillali ko banki, domin hakan yakan zubar da sirrin. Wajen rufewa, zana baƙin akwati a kan PDF ba ya goge rubutun da ke ƙarƙashi. Ku gwada fayil ɗin ƙarshe da kanku: ku kwafi wurin da aka rufe ku manna a wani shafi, ku nemi wata kalma daga ciki, idan ta fito, ba a rufe komai ba.

Idan aka saki takardar sirri bisa kuskure irin nawa, jinkiri ne babban abokin gaba. A kotunan tarayyar Amurka, ƙa'ida ta 502 ta dokokin shaida, wadda aka kafa a 2008, ta ce sakin da aka yi bisa kuskure ba ya zubar da kariya idan an ɗauki matakan da suka dace don hana shi, kuma an gaggauta gyarawa. Ni na ɓata lokaci ina sake dubawa saboda tsoron fuskantar shugabana, kuma wannan jinkiri shi ne abu na farko da abokan shari'a suka kafa hujja da shi. Ku sanar da babban lauyan da ke riƙe da shari'ar a ranar da kuka gano, a rubuta wa ɗaya ɓangaren ana bayyana takardar da lambarta, a nemi su daina amfani da ita su mayar ko su lalata, a kuma gaya wa wanda muke wakilta, domin kariyar haƙƙinsa ce, shi kaɗai ke da ikon yafe ta. Inda dokar kotun ta ba da dama, ku nemi a ƙulla yarjejeniyar mayar da irin waɗannan takardu, alƙali ya sa mata hannu, tun kafin a miƙa takarda ta farko.